Yadda Talatu ta zama yara uku a cikin littafi ɗaya

A shekarar 2022 ni da wasu abokan aikina biyu muka ɗauki nauyin shirya wani ɗan littafin karatu mai hotuna domin 'yan aji biyu na firamare. Labarin wata yarinya ce mai suna Talatu, 'yar shekara takwas, wadda akuyar kakarta ta ɓace ta shiga gari nemanta. Ni na rubuta labarin, na kasa shi fitowa 48, kowace fitowa da hotonta. Saboda ƙurewar lokaci sai muka raba zanen ga mutum uku da ke garuruwa daban-daban, kowa ya ɗauki fitowa 16. Dukkansu gwanaye ne, babu wanda zan kushe wa hannu a cikinsu.

Ranar da zanen ya haɗu na shimfiɗa shi a falo ina murna, sai 'yata, wadda a lokacin shekararta shida, ta zo tana bin hotunan da yatsa. Da ta kai na 17 ta tsaya, ta ce, "Baba, ina Talatu ta tafi? Wannan yayarta ce?" Da ta kai na 33 kuma ta ce ai ga wata baƙuwa ta shigo. Na sake duban hotunan da idonta, na ga gaskiyarta. Talatun farko gajeruwa ce mai kumatu, ta tsakiya ta miƙe kamar 'yar sakandare, ta ƙarshe kuwa fara ce sol da jan kallabi. Mun riga mun biya rabin kuɗin zane, maɗaba'a kuma ta ba mu rana. Abin da ya fi wannan damuna shi ne, yaron da ke koyon karatu da hoto yake dogara wajen gane wanda ake magana a kansa, idan fuskar ta sauya masa to labarin ya tsinke masa ke nan, komai daɗin jimlolin da ke ƙasa.

Da na zauna binciken inda gizo ya yi saƙa, sai na tarar laifin ya fi yawa a wajena. Ban ba masu zanen komai ba illa rubutu, rubutun kuma na yi shi ne irin yadda aka koya mana insha'i, wato kada ka maimaita kalma idan kana da wata. A fitowa ta 2 na ce "'yar ƙaramar yarinya", a ta 19 na ce "'yar budurwar", a ta 35 na ce "kyakkyawar yarinyar". Kallabinta a wani wuri "ruwan goro", a wani wuri "ja-ja", a wani wurin ma ban ambace shi ba. Ni a zuciyata mutum ɗaya nake nufi. Amma mai zane ba ya ganin zuciyar marubuci, kalma yake gani, kuma duk kalmar da ta sauya a wurinsa umarni ne sabo. Wanda ya karanta "budurwa" ya ƙara mata tsawo, wanda ya karanta "kyakkyawa" ya zana abin da shi yake kira kyau.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba, kuma masu sana'ar katun sun daɗe da samo mata magani. Fim ɗin katun irin na hannu yana cin dubban zane, domin a daƙiƙa ɗaya hoto 24 ne ke wucewa, ko da an bar kowane zane ya tsaya sau biyu, sai an yi 12. Babu mutum ɗaya da zai iya wannan shi kaɗai, tilas hannuwa da yawa su zana tauraro ɗaya. Saboda haka ɗakunan zane irin na Walt Disney suka ɗabi'antu da yin wata takarda ta musamman ga kowane tauraro, wadda zan kira takardar samfuri. A kanta ake zana shi ta gaba, ta gefe, ta baya da kuma a karkace, a nuna fuskarsa cikin dariya da fushi da tsoro, a rubuta ma'aunin jikinsa da abubuwan da aka hana a yi masa. Kowane mai zane yana da kwafi a gabansa, kuma duk zanen da ya saɓa mata komawa yake yi, ko da ya fi ta kyau.

Mu ɗauki Mickey Mouse, ɓeran nan da ya yi suna tun daga fim ɗin Steamboat Willie na 1928. Idan mai karatu ya lura, a zanensa na hannu kunnuwansa da'ira biyu ne cikakku ko ina ya juya, ko gaba yake kallo ko gefe. A zahiri kunne ba ya yin haka, idan ka dube shi ta gefe sirancewa yake yi. Amma masu zanen sun zaɓi su saɓa wa zahiri domin su tsare alamar da ake gane shi da ita. Farar safar hannunsa kuma a 1929 aka sa masa, ta raba hannuwansa da baƙin jikinsa, ta zama ita ma alama. Shi kuwa Matt Groening, mai katun ɗin The Simpsons, ya tsara taurarinsa ta yadda za a gane kowannensu daga inuwarsa kawai. Shi ya sa kan Bart yake da tsini tara, kuma a ƙa'idar masu zanen shirin ba a mai da su takwas ko goma.

Su ma manyan sun sha tuntuɓe. Lokacin da kamfanin Marvel ya fito da Hulk a 1962, launin toka aka ba shi. Sai maɗaba'a ta kasa riƙe launin, a wani shafi ya yi haske, a wani ya yi duhu, daga fitowa ta biyu aka mayar da shi kore, har yau kuma koren ne. Marubucinsa Stan Lee ma ya taɓa mance sunan da ya raɗa wa mutumin da ke rikiɗa ya zama Hulk, wato Bruce Banner, ya riƙa kiransa Bob Banner. Da masu karatu suka yi magana, sai aka ɗinke ɓarakar da cewa cikakken sunansa Robert Bruce Banner ne. Na kawo wannan ne domin in nuna cewa kofa biyu ce ɓarna ke shigowa ta cikinta, ta zane da ta kalma, kuma mu duka biyun muka bari a buɗe.

Abin da muka fara yi shi ne muka tsayar da aikin, muka zaɓi ɗaya daga cikin masu zanen, wanda Talatunsa ta fi kama da wadda nake nufi, muka ba shi mako guda ya yi takardar samfuri. A nan na koyi abu na farko, wato ba a auna tauraron katun da inci ko santimita, domin girman hoto yana sauyawa daga shafi zuwa shafi. Da kansa ake auna shi. Baligin mutum a zanen zahiri yakan kai tsawon kansa sau bakwai da rabi, yaran katun kuwa akan bar su a kai uku ko huɗu, domin girman kai a kan ƙaramin jiki shi ke gaya wa ido cewa wannan yaro ne. Muka yanke cewa Talatu kai huɗu ce: kai ɗaya, daga haɓa zuwa ƙugu ɗaya da 'yan kai, sauran na ƙafafu. Aka ja layuka biyar a kwance a kan takardar, aka tsayar da ita a tsakaninsu ta gaba da gefe da baya, ta yadda haɓarta da gwiwarta ke kan layi ɗaya a duk juyin. Da muka koma muka auna Talatun tsakiya ta zanen farko, sai muka ga ta kai kai biyar da rabi. Ashe wannan ne ya sa 'yata ta kira ta yaya. Fuskar ba ta sauya sosai ba, ƙafafun ne suka yi tsawo, tsawon kuma ya ƙara mata shekara biyar.

A takardar aka ƙara jeri na biyu, inda Talatu ke tsaye kafaɗa da kafaɗa da kakarta da ƙanenta da akuyar. Kanta yana daidai da ƙirjin kakar, ƙanen yana kafaɗarta, bayan akuyar yana ƙugunta. Wannan jeri ya yi mana amfani fiye da yadda na zata, domin a zanen farko akwai inda akuyar ta koma kamar maraƙi.

Sai batun launi, wanda a nan ne sana'ata ta fara shigowa. Kalmomin launi a Hausa suna da faɗi ƙwarai. "Ja" yana ɗaukar jini, yana ɗaukar jar ƙasa, yana ɗaukar mutum mai hasken fata. "Baƙi" yana ɗaukar gawayi, yana kuma ɗaukar rawanin da ya sha baba har ya yi ƙyalli. "Ruwan goro" da na rubuta kuwa, ɗaya ya fahimce shi ruwan lemo, ɗaya ya kai shi kusa da ja, ɗaya ya yi shi ƙasa-ƙasa, kuma babu wanda za a ce ya yi kuskure, domin bakin mai cin goro ba launi ɗaya gare shi ba. Maganin shi ne a fitar da launi daga hannun kalma a miƙa shi ga lamba. Maɗaba'a da tawada huɗu take haɗa kowane launi, tsarin da ake rubutawa CMYK, kuma kowace tawada ana faɗin kasonta cikin ɗari. Kallabin Talatu muka rubuta masa 0, 60, 100, 0, aka ɗiga launin a gefen takardar da lambobinsa a ƙasa. Haka aka yi wa fatarta da rigarta. Muka kuma nemi maɗaba'ar ta buga mana gwajin shafi ɗaya a kan irin takardar da za a yi littafin da ita, domin launin da ke haske a fuskar kwamfuta yakan dusashe idan takarda ta sha tawada.

Takardar samfuri ita kaɗai ba ta wadatar ba, kuma wannan ne abin da na fi son mai karatu ya riƙe. Mai zane yana duban takardar da safe, amma da rubutun fitowar yake yini. Idan rubutun ya ja shi wani wuri, can zai tafi. Saboda haka muka tsara jimla ɗaya wadda za ta buɗe bayanin kowace fitowa, ba ragi ba ƙari, ba sauyin harafi ko ɗaya. Abubuwan da ke cikinta na kira su turaku, domin aikinsu irin na turke ne: dabba tana iya kewayawa ta ci ciyawa ko ta ina, amma igiya ba ta barinta ta yi nisa. Jimlar ita ce: "Talatu, 'yar shekara takwas, kai huɗu, kallabi ruwan goro mai kunne ɗaya a tsaye ta hagunta, wushirya a haƙoran sama, shuɗiyar riga mai aljihu ɗaya a ƙirji, awarwaro ɗaya a hannunta na dama." Bayan wannan ne ake faɗin abin da take yi, da inda take, da halin da fuskarta ke ciki. Sau 48 na liƙa wannan jimla, raina yana ƙyamarta, domin duk tarbiyyar rubutun da na samu tana ce mini maimaici aibi ne.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne tunawa da cewa adabin baka bai taɓa ɗaukar maimaici aibi ba. Milman Parry, a kundin digirinsa na uku da ya gabatar a Paris a 1928, ya nuna cewa siffofin da ke manne da sunayen jarumai a waƙoƙin Homer ba ado ba ne da mawaƙi ke zaɓa yadda ya ga dama, kayan aiki ne tsayayyu da ake maimaitawa domin cika ma'aunin baiti. Dalilin Parry na karin waƙa ne, amma ribar mai sauraro a fili take, da ya ji siffar ya san wanda ya shigo. Mu ma a tatsuniya, Gizo da tsamin bakinsa ake gane shi, kaka ba ta buƙatar ta ce ga wanda ke magana. Kirarin sarauta ma ba a sake masa kalmomi don gudun gundura, tsayuwarsa ita ce ƙarfinsa.

Zaɓen turakun ba a yi shi da ka ba. Da farko na rubuta siffofi goma sha huɗu, har da tsawon gashin ido da irin takalmi. Mai zanen ya dube ni ya ce, "Malam, idan ka ba ni goma sha huɗu, zan riƙe bakwai in mance bakwai, abokina kuma wasu bakwai ɗin daban zai riƙe." Muka rage su zuwa biyar, kowanne da aikinsa. Ma'aunin kai huɗu yana tsare shekarunta. Kunnen kallabin da ke tsaye shi ke ba ta inuwar da babu mai irinta a littafin, a gane ta ko daga nesa ko ta baya. Launin kallabin shi ido ke fara kamawa a cikin taron kasuwa, don haka muka hana kowa a littafin sa wannan launi. Wushirya ta hoton kusa ce, inda fuska ta cika shafi ba a ganin riga. Awarwaro kuma na inda hannu kaɗai ya fito ne, kamar fitowa ta 22 da take miƙa wa akuyar dusa. Siffofi irin su "kyakkyawa" ko "mai fara'a" muka jefar da su gaba ɗaya, domin turke sai abin da za a iya ƙirgawa, ko a auna, ko a nuna da yatsa.

Mai karatu zai lura na rubuta "ta hagunta" da "hannunta na dama", ban ce "ta hagu" kawai ba. Wannan ɗan ƙaramin wakilin suna da tsada muka saye shi. Hagun mai kallo ita ce damar wanda ke fuskantarsa, kuma a gwajin farko kunnen kallabin ya riƙa tsalle daga wannan gefe zuwa wancan. Abin da ya fi wannan muni ya faru a fitowa ta 29. Mai tsara shafuka ya ga hoton zai fi zama daidai idan Talatu tana kallon cikin littafi, sai ya juya shi a kwamfuta kamar a madubi. Nan take awarwaro ya koma hagu, kuma ga yarinya zaune gaban kwano tana cin tuwo da hannun hagu a littafin da za a raba wa 'ya'yan Hausawa. Awarwaron ne ya tona asirin, ba don shi ba da an buga haka. Tun daga ranar muka rubuta a saman takardar samfuri da manyan baƙaƙe cewa ba a juya hoton Talatu.

To, ina batun inda labari da kansa ya tilasta sauyi? A fitowa ta 40 Talatu tana barci, babu kallabi. A ta 46 ana bikin suna, ta sa sabon kaya. A nan na ari tunanin ajinmu na ilimin sauti. Bahaushe yana cewa fuɗu, wani ya ce huɗu, Basakkwace ya ce hwari inda Bakano zai ce fari, amma kunne bai ruɗe ba, domin sauran kalmar na nan kuma sauyin bai kai ta ga zama wata kalma ba. Haka muka ɗauki turakun: ana iya ɗage wasu, amma kada waɗanda suka rage su gaza uku cikin biyar. A fitowar barci kai huɗu da awarwaro na nan, kallabin kuma aka rataye shi a jikin gado inda ido zai gan shi. A ta biki rigar ta sauya, amma ɗaurin kallabin da launinsa ba su motsa ba. Kuma a rubutu ba a goge jimlar turaku, ana barinta yadda take sannan a ƙara a ƙasa cewa a wannan fitowa kaɗai an cire kaza.

Akwai wata ɓarna mai shigowa a hankali wadda ko mai zane ɗaya ba ya tsira daga gare ta. Mutum yakan zana shafi na 9 yana kallon na 8, na 10 yana kallon na 9. Kowane shafi ya yi kama da maƙwabcinsa, amma kuskure ɗan kaɗan yana hawa kan ɗan kaɗan, kafin a kai na 16 hanci ya yi tsawo, idanu sun matso juna. Duk wanda ya taɓa kwatanta kwafe-kwafen tsohon rubutun hannu ya san wannan ciwo, kwafin da aka ɗauka daga kwafi yana gadon kuskuren na gabansa ya ƙara nasa. Dokarmu ita ce kowane zane daga takardar samfuri zai taso, ba daga shafin jiya ba. Wajen dubawa ma ba ma bin shafuka a jere, domin ido yana sabawa da sauyin ya daina ganinsa. Mukan zaro na 1 da na 16 da na 32 da na 48 mu jera su wuri ɗaya. Mukan kuma ɗora takarda mai shara-shara a kan hoto mu cike jikin Talatu da baƙi, idan inuwar ba ta nuna kunnen kallabi da ma'aunin kai huɗu ba, zanen ya koma. Cikin 48 na zagaye na biyu, bakwai muka mayar, biyar daga cikinsu saboda tsawon ƙafa.

Ba zan ɓoye cewa tsarin yana da nasa illar ba. Ɗaya daga cikin masu zanen ya tsorata da takardar har ya riƙa kwafo tsayuwar da ke kanta, Talatunsa ta zama kamar gunki, tana gudu amma kafaɗunta a sandare. Sai da muka zauna muka bambance masa cewa turaku biyar ne kawai aka ɗaure, amma lanƙwasar jiki da buɗewar baki da zaro ido duk nasa ne, ya ja su yadda labari ke so muddin za su dawo mazauninsu. Sannan takardar ba ta hana a sauya tauraro da gangan. A ƙarshen shekarun 1930 Fred Moore ya sake wa Mickey fasali, aka ba shi idanu masu fari da ƙwaya. Hergé ma, wanda ya fara zana Tintin a 1929, ya cire masa wandonsa mai tsayawa ƙasan gwiwa a littafin 1976, amma bai taɓa tukkun gashin goshinsa ba. Bambancin shi ne irin wannan sauyi ana yanke shi ne a zaune, a fitar da sabuwar takarda mai kwanan wata, a janye tsohuwar daga hannun kowa. Mu ma sau ɗaya muka yi haka, lokacin da muka ga aljihun rigar yana ɓacewa a ƙananan hotuna muka ƙara masa farin baki, kuma sai da na tabbatar kowane mai zane ya yaga tsohon kwafinsa.

Gyaran ya ci mana mako shida da kusan rabin abin da muka ware wa zane tun farko. Kafin mu kai maɗaba'a na cakuɗa hotunan 48, na haɗa da wasu guda shida na wasu yaran da ke cikin labarin, na ba 'yata da 'ya'yan maƙwabta uku na ce su ware mini duk inda Talatu take. Sun ware 47 ba gardama. Na fitowa ta 40 ne suka yi ta musu a kansa, har ɗaya ya hango kallabin a jikin gado ya ce ai ita ce, barci take yi. Muka mayar wa mai zanen wannan hoto ɗaya, ya matso da kallabin kusa da kanta, ya kuma fito da hannun daman daga cikin mayafi.